Bayanin Hoton Allo a Darasin da Makafi Za Su Karanta: Tambayoyi da Amsoshi

Aikina shirya darussan kwamfuta da Hausa a nan Sakkwato, kuma cikin masu bibiyar darussan akwai makafi da masu raunin gani. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi maimaituwa daga malamai da masu shagunan buga takardu da ɗaliban jami'a da ke son rubuta irin wannan darasi. Misali guda na riƙe tun daga farko har ƙarshe, wato darasin da ke koya yadda ake ajiye takardar Word a matsayin PDF. Kalmomi biyu za su riƙa dawowa. Idan na ce madadin hoto, ina nufin rubutun da ake sakawa a gurbin da ake kira `alt`. Idan na ce taken hoto, ina nufin rubutun da ake gani a fili a ƙarƙashin hoton.

1. Mene ne madadin hoto, kuma wa yake jin sa?

Makaho yana aiki da kwamfuta ko waya ta hanyar manhajar da ke karanta masa abin da ke kan allo da murya. A kan Windows akwai NVDA, wadda kyauta ce, da JAWS ta kuɗi, da Narrator da ke zuwa cikin Windows ɗin. A wayoyin Android akwai TalkBack, a iPhone kuma VoiceOver. Duk waɗannan rubutu suke karantawa. Hoton allo kuwa, ko da cike yake da rubutu, a wurinsu hoto ne kawai. Idan manhajar ta iso kansa, abin da ka rubuta a gurbin madadi shi take furtawa.

Idan ba ka rubuta komai ba, abu biyu ne ke iya faruwa. Ko ta ce akwai hoto ta wuce, ko ta kama karanta sunan fayil ɗin, wanda yawanci jerin lambobin kwanan wata ne da sa'ar da aka ɗauki hoton. Ƙa'idojin WCAG, na sauƙaƙa wa masu nakasa amfani da intanet, waɗanda ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet ta fitar, sun sa wannan a matsayin sharaɗi na farko, lamba 1.1.1, tun bugun shekarar 2008: duk abin da ba rubutu ba, a ba shi madadin rubutu da zai yi aikin da yake yi. Ka lura da kalmar aiki a nan, domin ita ce tushen amsa ta 3.

2. To ai na sa take a ƙarƙashin hoton. Bai wadatar ba?

Bai wadatar ba, don aikinsu ya bambanta. Taken hoto kowa yana samunsa, mai gani da marar gani. Shi ke ba hoton lamba da suna, yana faɗin dalilin da ya sa aka kawo shi, yadda za ka iya cewa a cikin darasi "duba hoto na 3". Madadi kuwa yana tsayawa ne a gurbin idon mai karatu, ya faɗi abin da mai gani zai ɗauka daga hoton da kallo ɗaya.

Kuskuren da na fi gani shi ne a kwafi taken a liƙa a gurbin madadi. Mai sauraro zai ji jimla ɗaya sau biyu a jere, kuma bai ƙaru da komai game da abin da ke cikin hoton ba. Take ya amsa "wane hoto ne wannan, me ya kawo shi?" Madadi ya amsa "me ke kan allon a wannan lokacin?" Yadda su biyun ke zama tare yana amsa ta 4.

3. Abubuwa sun yi yawa a hoton allo. Wanne zan faɗa, wanne zan bari?

Ka fara da tambayar kanka dalilin da ya sa ka ɗauki hoton. A darasi na mataki-mataki, hoton allo kusan kullum shaida ce. Mai gani ya aikata abin da aka ce, ya dubi allonsa, ya dubi hotonka, ya ga sun yi daidai, hankalinsa ya kwanta ya ci gaba. Makaho ma wannan kwanciyar hankalin yake nema. Yana son ya tabbatar ya iso inda ya kamata kafin ya danna abin da ba zai iya warwarewa ba. Saboda haka madadin ya ba shi abin da zai iya tantancewa da kunnensa a kan tasa kwamfutar.

Abubuwa uku ne ke yin wannan. Na farko sunan tagar ko shafin, kamar yadda yake rubuce a samansa, domin shi manhajar ke fara furtawa idan taga ta buɗe. Na biyu sunan abin da matakin ya shafa da irinsa: maɓalli ne, gurbin rubutu ne, jerin zaɓi ne, ko akwatin da ake sa wa alama. Na uku, wanda aka fi mantawa, halin da abin yake ciki: an sa alamar ko ba a sa ba, me aka zaɓa a jerin, me aka rubuta a gurbin, maɓallin yana aiki ko a dushe yake ba ya dannuwa. Mai gani yana ɗaukar wannan na ukun ba tare da ya ma san ya ɗauka ba, shi ya sa marubuci mai gani yake tsallake shi.

Sauran duk ka bari. Agogon da ke kusurwa, alamar batir, launin bangon allo, maɓallai goma sha biyun da matakin bai taɓa ba, babu ruwan mai karatu da su. Sannan matakin kansa, wato "danna kaza, zaɓi kaza", kada ya ɓuya a cikin madadi. Wurinsa cikin jikin darasi ne, inda kowa zai same shi. Idan ka cire duk hotunan darasinka ka ga ba a iya bin sa, to gyaran daga jikin darasin zai fara.

4. A nuna mana misali cikakke.

Ga mataki na uku a darasin PDF. An riga an danna F12, tagar `Save As` ta buɗe, an zaɓi PDF a jerin `Save as type`, an danna maɓallin `Options`. Hoton yana nuna ƙaramar tagar da ta fito. Madadin da na fara rubutawa shekarun baya shi ne "Hoton yadda ake saita PDF". Gaskiya ne, amma ba wanda zai iya tantance komai da shi. Na biyun da na yi ya wuce gona da iri: ya lissafo kowane akwati da ke tagar daga sama har ƙasa, da launinsa, har mai sauraro ya manta abin da ake nema kafin a iso wurin. Ga wanda na tsaya a kai, a cikin HTML, wato rubutun da ake gina shafin intanet da shi:

```html
<figure>
  <img src="mataki-3.png"
       alt="Tagar Options. A sashen Include non-printing information, an sa alama a akwatin Document structure tags for accessibility.">
  <figcaption>Hoto na 3: Zaɓin da ke sa bayanan hotuna su bi takarda cikin PDF.</figcaption>
</figure>
```

Dubi yadda aka raba aikin. Madadin ya kawo sunan taga, sashen da abin yake, sunan akwatin harafi da harafi, da halinsa. Taken ya faɗi amfanin matakin, bai maimaita abin da madadin ya faɗa ba. A jikin darasin kuma, kafin hoton, an rubuta: ka riƙa danna Tab har ka ji sunan akwatin, idan ka ji `not checked`, ka danna sandar tazara, sannan ka nemi `OK`. Mai amfani da NVDA yanzu yana da hanyar isa wurin, yana da abin da zai ji idan ya isa, yana kuma da yadda zai gane ko ya yi daidai.

5. Darasin da Hausa ne. In fassara sunayen maɓallai?

A'a. Duk sunan da ke rubuce a kan allo ka kawo shi yadda yake. Idan maɓallin ya ce `Save as type`, haka manhajar za ta furta wa mai karatu a kwamfutarsa. In ka rubuta masa "nau'in ajiya", zai yi ta yawo da Tab yana jiran ya ji abin da ba zai taɓa ji ba. Ma'anar sunan ka bayyana ta da Hausa sau ɗaya a jikin darasi, a wurin da sunan ya fara fitowa, daga nan ka ci gaba da kiransa da sunansa na allo.

Kuma ka kwafo daga allon, kada ka rubuta da ka. `Save` daban, `Save As` daban. `Sign in` da `Sign up` harafi biyu ne ya raba su, amma ɗaya shiga ne, ɗaya buɗe sabon asusu. Ina ajiye hoton a gefe ɗaya na allo, gurbin madadi a ɗaya gefen, in duba kalma bayan kalma.

6. Na zana jar kibiya da da'ira a kan hoton. Yaya zan bayyana su?

Kibiyar ba ita ce labari ba, abin da take nunawa shi ne labari. "Jar kibiya tana nuna ƙasan dama" bai ba makaho komai ba. Ka ce "an yi wa maɓallin `Options` alama", ko ma ka bar zancen kibiyar gaba ɗaya idan madadin ya riga ya ambaci maɓallin. Idan lambobi ka sa a kan hoton, 1 da 2 da 3, to a jikin darasi ka jera abin da kowace lamba ke nufi, madadin kuma ya ce lambobin sun yi daidai da matakan da ke biye.

Wannan matsala ba a madadi kaɗai take ba, har cikin darasin tana shiga. Na taɓa karanta wa wani dattijon malami makaho daftarin darasina, na zo inda na rubuta "sai ka danna nan, kamar yadda kake gani a hoto". Ya tsayar da ni ya ce: "Malam, mi kaka nuhi da nan? Hwaɗa min sunan abin." Tun ranar nake bin kowane darasi ina farautar "nan" da "can" da "wancan kore" da "na gefen dama". WCAG ma ta yi magana a kai: sharaɗi na 1.3.3 ya hana umarni ya dogara kacokan ga siffa ko girma ko wuri, na 1.4.1 kuma ya hana launi ya zama shi kaɗai ne ke ɗauke da ma'ana.

Ba a ce kada ka ambaci wuri ko launi sam ba. Mai raunin gani da ya ƙara girman allo yana ganin ɗan yanki ne kawai a lokaci guda, don haka "a ƙasan tagar" yana rage masa wahalar nema. Mai TalkBack ma yakan shafa allon waya da yatsa, sanin cewa abu yana can sama ta dama yana taimakonsa. Suna ya zo da farko, wuri ya biyo baya a matsayin ƙari.

7. An ce kada madadi ya wuce haruffa 125. Haka ne?

Wannan adadi yana yawo sosai, amma babu shi a cikin WCAG. Shawara ce ta a taƙaita, ba doka ba. Madadin da ke amsa ta 4 ya kusa wannan tsawon, kuma sunan akwatin kaɗai ya cinye kashi ɗaya cikin uku. Da zan gutsure sunan don in cika wani ƙidaya, da na lalata abin da ya fi komai amfani a ciki.

Dalilin taƙaitawa na gaske shi ne madadi rubutu ne tsura. Ba ya ɗaukar kanun magana, ba ya ɗaukar jeri, ba ya ɗaukar mahaɗa, kuma manhajar tana zubo shi ne a tafi ɗaya. Ma'aunina jimla ɗaya ko biyu. Idan na ga ina shiga ta uku, na san bayanin ya isa ya fito fili ya zauna a jikin darasi. Duba amsa ta 10.

8. In fara da "Hoton..."?

Manhajar tana sanar da cewa hoto ne da kanta, NVDA takan ce `graphic`. Ka fara da sunan tagar kai tsaye. Inda ake buƙatar ambaton irin hoton shi ne idan darasin ya haɗa iri-iri, misali hotunan allo da kuma hoton allon madannai na zahiri da aka ɗauka da kyamara. A nan kalma biyu a farko suna hana ruɗani.

9. Akwai hoton da ba ya buƙatar madadi?

Akwai. Hoton ado, kamar na kwamfuta a kan tebur da aka sa a saman darasi don kyau, ko layin da ke raba sassa. Irin wannan ana ba shi madadi fanko:

```html
<img src="ado.png" alt="">
```

Wannan ya bambanta da rashin sa `alt` ɗin gaba ɗaya. Fanko yana gaya wa manhajar ta tsallake hoton shiru. Rashinsa kuwa shi ke jawo karanta sunan fayil da aka ambata a amsa ta 1. A Word, akwatin `Mark as decorative` ne ke yin wannan aiki.

Amma hoton allo a cikin darasi da wuya ya zama ado. Wasu na cewa idan jikin darasi ya riga ya faɗi komai, a bar madadin fanko. Ni ban cika bin wannan ba, musamman idan hoton yana da take. Mutum ya ji "Hoto na 3" alhali manhajarsa ba ta nuna masa wani hoto ba, sai ya shiga zargin ko wani abu ya ɓace masa. Gara gajeren madadi, kamar "Tagar Options bayan an kammala matakan da ke sama", wanda zai gaya masa bai rasa komai ba.

10. Hoton saƙon kuskure ne, ko jadawali, ko umarnin da ake bugawa. Me zan yi?

Saƙon kuskure a kawo shi kalma da kalma. A ce darasin yana nuna abin da Chrome ke fitarwa idan data ta yanke. "Hoton saƙon kuskure" ba ya amfanar kowa, domin kurakurai iri-iri ne kuma kowanne da maganinsa. Madadin ya ce: shafin Chrome mai cewa `No internet`, da lambar kuskure `ERR_INTERNET_DISCONNECTED`. Ita wannan lambar a sake rubuta ta a jikin darasi, don mai karatu ya iya bin ta harafi-harafi, ya kwafa, ya nemi ƙarin bayani da ita.

Umarnin da ake bugawa da jadawali kuwa, asali ma bai kamata su zo a matsayin hoto ba. Umarni a rubuta shi rubutu, yadda za a kwafa ba tare da an rasa ɗigo ko tazara ba. Jadawali a gina shi jadawali na gaske mai kanun ginshiƙai, domin manhajar karanta allo tana iya bin sa gida-gida tana faɗin kan kowane ginshiƙi, abin da ba zai yiwu a cikin madadi ba. Idan dole sai an nuna hoton, kamar shafin Excel da ake koyar da shi, madadin ya faɗi abin da jadawalin ya ƙunsa a jimla ɗaya, ya ƙara da cewa cikakken bayanin yana biye da hoton.

11. Manhajar tana karanta Hausar da muryar Turanci. Yaya zan yi da ƙ da ɗ da ɓ?

Wannan ita ce tambayar da ta fi shafar mu. Da yawa daga makafin da nake aiki da su da muryar Turanci suke sauraron Hausa, kunnensu ya saba, suna gane abin da mai gani in ya ji zai ce ba Hausa ba ce. Inda ake samun tangarɗa shi ne haruffa masu ƙugiya. Wata muryar takan tsallake harafin, wata ta ambaci wani baƙon suna a tsakiyar kalma. Muryoyi sun bambanta a kan wannan, don haka gwaji ne kawai zai nuna maka, kamar yadda amsa ta 14 ta bayyana.

Ban yarda a zubar da ƙugiya daga darasi ba, domin kafa da ƙafa ba ɗaya ba ne, kuma masu gani da masu raunin gani suna karanta darasin. Abin da nake yi a madadi shi ne in guji dogaro da kalmar da ma'anarta za ta juye idan harafi ɗaya ya faɗi, kuma in tsara jimlar yadda mahallin zai fitar da ita. Ina kuma sa ɗigo da waƙafi a inda suka dace, saboda su ne ke sa muryar ta ɗan numfasa tsakanin Hausa da sunan maɓalli.

A shafin intanet, ka bayyana harshen da `lang="ha"` a saman shafin. A cikin take ana iya kewaye sunan Turanci da `<span lang="en">` don a furta shi da kyau, amma cikin `alt` ba a iya yin haka, tunda rubutu ne tsura. Wannan wani dalili ne na sa dogayen sunaye su fito a jikin darasi ma.

12. Mai raunin gani fa, wanda ba ya amfani da murya?

Shi madadi ba ya isa gare shi, domin hoton yake kallo da allon da ya ƙara wa girma. Abin da ke taimakonsa hoton kansa ne da takensa. Ka yanke hoton ya rage iya tagar da ake magana a kai, maimakon dukkan allo da abin nema ya zama ɗan mitsitsi a tsakiya. Ka ɗauka da kayan ɗaukar hoton allo na cikin kwamfutar, irin wanda Windows+Shift+S ke buɗewa, ba da kyamarar waya ba, wadda ke kawo ƙyalli da dishi-dishi. Ka ajiye a PNG, don rubutu ya fi fitowa tsaf idan an faɗaɗa.

Alamar da ka zana ta zama mai kauri, kuma ta bambanta da bango sosai. WCAG ta nemi bambancin haske na 4.5 zuwa 1 ga rubutu na yau da kullum, da 3 zuwa 1 ga alamomi. Siririn jan layi a kan shuɗin bango yana ɓacewa ga mutane da yawa. Kakkauran akwati baƙi a kan farin bango ya fi shi nesa ba kusa ba.

13. A ina ake rubuta madadin, kuma me ya sa nawa ya ɓace bayan na tura?

A Word, ka danna hoton da dama ka zaɓi `Edit Alt Text`, a sababbin bugu kuma `View Alt Text`. Take ana sa shi da `Insert Caption`, wanda ke ba hotuna lamba da kansa. A Google Docs, danna dama ka zaɓi `Alt text`. A Markdown, wato hanyar tsara rubutu da alamomi masu sauƙi, abin da ke cikin baka mai kusurwa shi ne madadin:

```markdown
![Tagar Save As. An zaɓi PDF a jerin Save as type.](mataki-2.png)
```

Ɓacewa yawanci wajen mayar da takarda PDF take faruwa. Idan ka bi ta `Print` ka zaɓi `Microsoft Print to PDF`, madadin da tsarin kanun magana ba sa bin takardar. Ka bi ta `Save As` tare da zaɓin da aka nuna a amsa ta 4. Mafi muni shi ne a buga darasin a takarda a sake ɗaukarsa da na'ura, ko a ɗauki hotunan shafukan a tura. Nan darasin gaba ɗaya ya koma hoto.

A nan Sakkwato darussa da yawa ta WhatsApp suke yawo. Idan hoto kake turawa can, bayanin da ka saka masa a Word ba ya bin sa. Rubutun da ka sa a ƙarƙashin hoton shi ne zai ɗauki aikin biyu, na take da na madadi. Idan darasin yana da hotuna da yawa, ka tura fayil ɗin Word ko PDF ɗin da aka ajiye daidai.

14. Yaya zan gwada abin da na rubuta?

`Check Accessibility` da ke ƙarƙashin `Review` a Word zai nuna maka hotunan da ba su da madadi. Iyakarsa ke nan. Ba zai gane ka rubuta `Save` a inda allo ya ce `Save As` ba. Gwaji na gaske da kunne ake yi. Ka sauke NVDA, ka buɗe darasin a shafin intanet, ka riƙa danna G, wanda ke tsallakawa daga hoto zuwa hoto, ka saurari kowanne. Idan muryar ta yi maka sauri, `Speech Viewer` da ke cikin `Tools` zai rubuta maka abin da ake furtawa. A waya, kunna TalkBack ka riƙa shafawa dama abu bayan abu.

Sannan ka kashe allon ko ka rufe shi da ƙyalle, ka bi darasin daga farko kana aikata matakan da madannai kaɗai. A wurin da hannunka ya miƙa zai yaye ƙyallen, nan ne bayaninka ya gaza. Bayan wannan ka ba makaho da ya ƙware a manhajar ya gwada, ka zauna gefe ka yi shiru, kada ka taimake shi da baki, kana rubuta inda ya tsaya. Aiki ne ya yi maka, ka biya shi kamar yadda za ka biya mai duba maka rubutu.

15. Na rubuta komai daidai, bayan wata shida an ce ba ya aiki. Me ya faru?

Manhajar ta sauya, hotonka da madadinsa sun tsufa. Mai gani idan ya ga sunan maɓalli ya ɗan canja yakan gane shi ta wurinsa da siffarsa. Mai sauraro sunan kawai yake da shi. Misalin `Edit Alt Text` da ya koma `View Alt Text` a amsa ta 13 ya isa shaida. Don haka ka rubuta a farkon darasi bugun manhajar da ka yi amfani da shi da watan da ka ɗauki hotunan. Duk ran da ka sauya hoto, ka sauya madadinsa a zama ɗaya, domin sabon hoto da tsohon madadi yana yaudarar wanda ba shi da hanyar ganowa.

Haka idan ka shafe wani abu a hoton don sirri, kamar sunan mutum ko lambar waya ko lambar asusu, kada ka rubuta shi a madadi, kada kuma ka yi shiru a kai. Ka ce "gurbin `File name`, an ɓoye abin da ke ciki". Mafi sauƙi ma shi ne tun kafin ɗaukar hoton ka cika gurbin da sunan misali, kamar `darasi-na-daya`, sai ka kawo shi a madadin yadda yake, mai karatu ya buga irinsa ya ji ko nasa ya yi daidai da naka.